Layi Uku A Silaid, Matakai Shida A Takarda: Yadda Ake Fito Da Lokacin Lilo

An gabatar da wannan lacca ne a wani zaman ɗalibai Hausawa da aka yi a Agege, Legas. Yawancin waɗanda suka halarta 'yan ajin farko ne daga Jami'ar Legas da ke Akoka da Kwalejin Fasaha ta Yaba. Malamin fiziks ne ya yi ta, aka rubuto daga abin da aka naɗa.

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa ɗalibai, ga abin da firojekta ke haskawa a bango, layi uku ne kacal:

F = −mg sin θ

d²θ/dt² = −(g/L) θ

T = 2π√(L/g)

Wannan lissafin fendulum ne, wato lilo: ɗan ƙwallon ƙarfe da aka rataya da zare mai tsawon L, aka ja shi gefe aka saki; θ ita ce kusurwar da zaren ya karkata, T kuma lokacin zuwa da dawowa ɗaya. A aji, malami yakan wuce layukan nan cikin minti biyu, ya ce "daga nan sai mu samu", ya danna silaid na gaba. Ba ƙeta ba ce, silaid ba ya ɗaukar dogon lissafi. Amma tsakanin layi na farko da na uku akwai matakai shida da ba a rubuta ba, kuma biyu daga cikinsu ba aljabara ba ne, zaɓi ne aka yi ba tare da an faɗa muku ba. Su za mu tono yau. Ku ɗauko biro, don ba a cike irin wannan giɓi da ido.

Tun layi na farko akwai tambaya. Ƙarfi biyu ne ke aiki a kan ƙwallon: nauyinsa mg da ke jan sa ƙasa, da zaren da ke jan sa zuwa wurin ratayewa. To ina jan zaren ya tafi? Ƙwallon yana bin gefen da'ira ne, shi kuwa zaren kullum yana tsaye ne daidai digiri 90 da hanyar tafiyar, don haka ba ya ƙara wa ƙwallon gudu, ba ya rage masa. Ashe layin nan ba duka ƙarfin ya ƙunsa ba, sai ɓangaren da ke kan hanyar tafiya. Nauyin ma an raba shi biyu: mg cos θ yana bin zaren, mg sin θ yana bin hanya. Idan ka manta wanne ne sin wanne ne cos, kada ka yi canke. Ka sa θ = 0, wato ƙwallon yana rataye a ƙasa. A nan babu abin da ke tura shi hagu ko dama, dole ƙarfin ya zama sifiri, kuma sin 0 ne sifiri, cos 0 ɗaya ne. Shi ke nan an raba gardama. Alamar ragi da ke gaba kuwa cewa take yi ƙarfin yana saɓa wa karkatar: ƙwallon ya yi dama, ana jan sa hagu. Ku riƙe ta da kyau, za mu dawo kanta.

Yanzu daga layi na farko zuwa na biyu. Dokar Newton ta biyu ta ce F = ma. Matsalar ita ce a ɗin nan da mita bisa sakan murabba'i ake auna ta, mu kuwa muna aiki da kusurwa. Abin da ke haɗa su shi ne nisan da ƙwallon ya yi a kan gefen da'irar, s = Lθ. Wannan mataki na ɗaya ke nan, kuma ba ya aiki sai an auna θ da radiyan. Na biyu, tunda L ba ya canzawa, idan ka yi difarenshiyeshan sau biyu za ka samu a = L d²θ/dt². Na uku, ka zuba a cikin dokar Newton:

mL d²θ/dt² = −mg sin θ

Ga m a hagu, ga m a dama, sai su soke juna. Ka raba da L:

d²θ/dt² = −(g/L) sin θ

A nan ne mas ɗin ƙwallon ya fita daga lissafi, shi ya sa ƙwallon dalma da na tagulla suke lilo a lokaci ɗaya muddin tsawon zarensu ɗaya.

Ku kwatanta wannan da layi na biyu na silaid. Ba ɗaya ba ne. Namu yana da sin θ, nasu θ ne tsura. Duk iya aljabarar da ka sani ba za ta mayar da wancan zuwa wannan ba, kuma a nan ne ɗalibi yakan kwana yana juya takarda yana zaton shi ne ya yi kuskure. Ba ka yi kuskure ba. Ƙiyasi aka shigo da shi, shi ne mataki na huɗu: idan kusurwa ƙarama ce, sin θ ≈ θ. Asalinsa daga wannan jeri ne:

sin θ = θ − θ³/6 + …

Aka riƙe na farko aka yar da sauran. Ƙarama kamar yaya? Mu gwada da lamba. Digiri 10 shi ne radiyan 0.1745, sin ɗinsa kuma 0.1736. Bambancin rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne. Digiri 30 shi ne radiyan 0.5236, sin ɗinsa 0.5 daidai, bambancin ya kusa kashi 5 cikin ɗari. Ga kuma tarkon kwakuleta: idan allonta yana nuna DEG ka danna sin 10, za ta ba ka 0.1736, sai ka ce ina 10 ina 0.17, ƙiyasin ƙarya ne. Ka mayar da ita RAD, ka shigar da 0.1745, za ka ga sun yi kusa da juna. Ni dai a ganina duk silaid ɗin da ya tsallake wannan mataki bai rubuta ko "θ ƙarama" a gefe ba, ya gaza, domin a nan ne iyakar fomular gaba ɗaya take.

Mu koma layi na biyu zuwa na uku. Ikweshan ɗin yana tambaya ne: wane abu ne in ka yi masa difarenshiyeshan sau biyu zai dawo kansa, amma da alamar ragi? Mun san cos yana yin haka. Sai mu gwada, wannan shi ne zaɓi na biyu kuma mataki na biyar:

θ = θ₀ cos(ωt)

θ₀ ita ce kusurwar da ka ja ƙwallon kafin ka saki. Mun zaɓi cos ne don a t = 0 ƙwallon yana can ƙarshen gefe kuma a tsaye yake. Sau ɗaya:

dθ/dt = −ωθ₀ sin(ωt)

Sau biyu:

d²θ/dt² = −ω²θ₀ cos(ωt) = −ω²θ

Ku lura kowane zagaye yana fito da ω guda daga cikin baka. Wanda ya manta da haka zai ƙare da ω = g/L, tushen murabba'in ya ɓace masa. Da muka jera wannan da layi na biyu, sai ya zama ω² = g/L, wato ω = √(g/L). Wata 'yar gargaɗi: wannan ω lamba ce tsayayya. Ba ita ce dθ/dt ba, wadda ke sifiri a gefe ta kuma kai ƙololuwa a tsakiya, duk da cewa a babin juyawa da harafi ɗaya ake rubuta su. Haka T ma, wasu silaid da shi suke rubuta jan zare a zane, su kuma rubuta lokaci da shi a ƙasa.

Mataki na shida gajere ne. Cos yana maimaita kansa duk bayan 2π, don haka zuwa da dawowa ɗaya ya cika idan ωT = 2π. Ka raba, T = 2π/ω = 2π√(L/g). Mun iso.

Alamar ragin nan da na ce ku riƙe: da ta faɗi a hanya, ikweshan ɗin zai zama d²θ/dt² = +(g/L)θ, kuma cos ba zai gamsar da shi ba. Amsar za ta zama mai hauhawa ba iyaka, irin sandar da ka tsayar a tafin hannu ta fara faɗuwa. Idan lissafin lilo ya ba ka abin da ba ya dawowa, alama ce ta zube, ka koma layi na farko.

Akwai gwaji mai arha ga wanda bai tabbata ko L/g ne ko g/L ba. L mita ne, g mita ne bisa sakan murabba'i. Ka raba, mita ya tafi, saura sakan murabba'i, tushensa sakan. Lokaci ya fito da sakan, daidai. In ka juya shi za ka samu ɗaya bisa sakan, wanda ba lokaci ba ne.

Mu sa lamba. Zare mita 1, ana aunawa daga wurin ratayewa zuwa tsakiyar ƙwallon, ba samansa ba. Littafi yana ba ku g = 9.81, amma Legas tana wajen digiri 6 da rabi ne arewa da ikwaita, g a nan kusan 9.78 ne. 1 bisa 9.78 shi ne 0.10225, tushensa 0.3198, sau 2π ya ba da sakan 2.009. Lilo 20, kamar yadda ake ƙirgawa a firaktikal, sakan 40.2. Da 9.81 kuwa T sakan 2.006 ne. Kamar ba komai ba, amma a yini guda ya haura minti 2. Abin da Jean Richer ya tarar ke nan a 1672, da ya kai agogon fendulum daga Faris zuwa Cayenne kusa da ikwaita, ya ga yana makara da kusan minti biyu da rabi kullum.

(Wata ɗaliba ta ɗaga hannu.)

"Allah ya gafarta Malam, a layi na uku babu θ₀. Ke nan ko na ja ƙwallon sosai ko kaɗan, lokacin ɗaya ne?"

Malama, tambayarki ta koma mataki na huɗu. θ₀ ta ɓace ne saboda mun yar da θ³/6. In aka dawo da ita, gyaran farko shi ne:

T ≈ 2π√(L/g) × (1 + θ₀²/16)

θ₀ da radiyan. A digiri 10, 0.1745 sau kanta 0.0305, bisa 16 ya zama 0.0019. A lilo 20 ƙarin bai kai sakan 0.1 ba, yatsanki a kan agogo ma yana makara fiye da haka, ba za ki gani ba. A digiri 30, 0.5236 sau kanta 0.274, bisa 16 ya zama 0.017. Lilo 20 ya tashi daga sakan 40.2 zuwa kusan 40.9, wannan kam agogon wayarki zai kama shi. Kuma tunda T ya yi tsawo, g ɗin da za ki lissafo daga g = 4π²L/T² zai faɗo zuwa wajen 9.45. Don haka idan rahoton firaktikal ɗinki ya ba da g ƙasa da 9.78 sosai, ki fara duba ko kin ja ƙwallon da nisa, sannan ki duba ko kin auna zaren har tsakiyar ƙwallon. Da zare mita 1, digiri 10 yana nufin ki ja shi gefe kamar santimita 17, kada ki wuce haka.