Yadda Ake Tantance Fassarar Takardar Amincewa Kafin Gwajin Magani

Kafin a sa mutum cikin gwajin sabon magani, sai an karanta masa takardar amincewa, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Galibi da Turanci ake rubuta ta, sannan a fassara zuwa Hausa. To wa zai tabbatar cewa Hausar ta faɗi abin da ke cikin Turancin?

Ga yadda ake yi. Idan mai fassara na farko ya gama, sai a miƙa Hausar ga wani mai fassara daban, wanda bai taɓa ganin asalin takardar ba, ya mayar da ita Turanci. Wannan sharaɗi shi ne ƙashin bayan aikin, domin in ya ga asalin, abin da ya tuna zai rubuta. Daga nan masu binciken su jera Turancin biyu, su bi su jimla bayan jimla.

Mu ɗauki misali. Asalin takarda ta ce za a raba mahalarta rukuni biyu ta hanyar ƙuri'a: wasu su sami maganin da ake gwadawa, wasu su sami ƙwaya mai kama da shi wadda babu sinadarin magani a cikinta. Mai fassara, don ya sauƙaƙa, ya rubuta: "Likita zai zaɓa maka rukuni, a ba ka magani." Da aka mayar da jimlar Turanci, ƙuri'a ta ɓace, ƙwayar nan ma ta ɓace. Uwar da aka karanta wa wannan za ta ɗauka likita ya duba ɗanta ya zaɓa masa abin da ya fi dacewa da shi, alhali ba haka ba ne. Ta yarda da abin da ba shi za a yi ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai a zauna da masu fassarar biyu a gyara: "Ƙuri'a ce za ta nuna rukuninka, ba likita ba. Mai yiwuwa ƙwayar da za ka samu babu magani a cikinta." A sake mayarwa, a rubuta kowane gyara da dalilinsa, a kai wa kwamitin da ke kula da ƙa'idojin bincike.

Amma hanyar tana da iyaka. Kalmar "gwaji" za ta koma Turanci daidai, domin mai fassarar ya san nufinta, shi kuwa majinyaci gwajin jini zai fahimta. Ƙwararren mai fassara kuma yakan gyara gurguwar Hausa a ransa, ya fito da Turanci mai kyau, kuskuren ya ɓuya.

Shi ya sa ake karanta takardar ga wasu mutanen yankin, har da waɗanda ba su yi boko ba, a ce su maimaita da bakinsu: Me za a yi maka? Wa ke zaɓen rukuni? In ka fasa a tsakiya, za a daina duba ka a asibiti? Duk jimlar da suka amsa ba daidai ba, sai a sake rubuta ta.