Darasin Aljihu: Yadda Za Ka Raba Ƙarin Albashi Tun Kafin Ya Shigo Hannu

Mai gabatarwa: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Yau darasin na masu albashi ne. An yi wa mutum ƙarin girma ko ƙarin kuɗi, ya yi murna, amma bayan wata huɗu ko biyar sai ka ji yana cewa albashin ba ya kai shi ƙarshen wata, kamar dai ba a ƙara komai ba. Muna tare da Hajiya, wadda aikinta ke nan lissafin albashi da harkar ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata. Hajiya, ina kuɗin yake tafiya?

Hajiya: Wa'alaikumus salam, Malam. Kuɗin yana bin hanyar da aka bar masa a buɗe ne. Duk abin da ya zauna a asusun da katin cirar kuɗi yake jone da shi, kashe shi za a yi. Ba a kashe shi rana ɗaya. Cefane ya ɗan ƙaru, an bar hawa motar haya an koma ɗaukar shatar adaidaita, an sauya wa yaro makaranta, 'yan uwa sun ji labari buƙatu sun ƙaru. Kowanne da hujjarsa. To idan mutum ya saba da sabon matakin, saukowa ta fi hawa wuya nesa ba kusa ba. Shi ya sa lokacin da ya fi sauƙin ƙara ajiya shi ne watan farko, kafin gida ya san ɗanɗanon kuɗin. Abin da ba ka taɓa kashewa ba, ba za ka ji zafin rashinsa ba.

Mai gabatarwa: To mu ɗauki misali da lissafi.

Hajiya: Mu ce ma'aikaci yana karɓar naira 200,000 a hannu duk wata, yana ajiye 20,000. Kashi 10 cikin 100 ke nan, sauran 180,000 na hidimar gida. Sai aka yi masa ƙari. Abu na farko, kada ya yi lissafi da adadin da ke cikin takardar ƙarin girma. Wannan adadin kafin a yanke komai ne. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci yana zuba aƙalla kashi 8 cikin 100, mai aikin yana zuba kashi 10. Ga haraji, ga kuɗin ƙungiyar ƙwadago, wasu ga asusun gidaje. Don haka takarda tana iya cewa an ƙara 80,000, amma abin da zai sauka a asusu ya tsaya wajen 60,000. A nemi takardar bayanin albashi daga ofishin kuɗi, ko a jira alat na farko a cire tsohon albashi daga sabo. Wannan bambancin shi ne ƙarin da za a raba.

Yanzu albashinsa ya zama 260,000. Idan ya ci gaba da ajiye 20,000 ɗin nan, shi a ganinsa bai rage komai ba, amma ajiyarsa ta faɗo daga kashi 10 zuwa ƙasa da kashi 8. Ko don ya tsaya inda yake a da, sai ya ajiye 26,000.

Mai gabatarwa: Ana yawan cewa a ajiye rabin ƙarin. Ke nan 30,000 zai ƙara?

Hajiya: A nan nake da ja. Wannan shawara ta dace da ƙasar da farashi yake zaune. Mu nan a 2024, shekarar da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga 30,000 zuwa 70,000, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100. Ƙarin da aka yi wa mutane da yawa cike giɓi ne kawai. Idan ka ce wa magidanci ya ajiye rabi alhali kuɗin kwanon shinkafa da na mota sun riga sun ci wani ɓangare, zai ajiye ranar 2 ga wata, ya dawo ya cire ranar 20. Bayan wata uku ya watsar da tsarin gaba ɗaya.

Sai a fara cire rabon tsadar rayuwa. Ya rubuta abubuwan da ba makawa: abinci, kuɗin mota, haya idan an raba ta wata-wata, kuɗin makaranta, wuta, magani. A ce lokacin da aka yi masa ƙari na baya waɗannan suna cin 120,000, yau kuma abubuwan nan dai, ba a ƙara ko ɗaya ba, suna cin 144,000. Tsada ta ci 24,000. Cire ta daga 60,000, saura 36,000. Wannan ne ƙarin gaskiya, shi ake rabawa biyu. 18,000 ta hau kan ajiya, ta zama 38,000, kusan kashi 15 cikin 100 na sabon albashi. Ɗaya 18,000 ɗin kuma tasa ce, ya ji daɗinta da iyali ba tare da wani ɗar-ɗar ba. A shekara ajiyarsa ta tashi daga 240,000 zuwa 456,000, kuma ba a rage ko cokali ɗaya a tukunyar gidansa ba.

Mai gabatarwa: Wajen rubuta abin da ba makawa ɗin, ai mutum zai iya yi wa kansa wayo.

Hajiya: Sosai kuwa. Ma'aunin shi ne, kaya iri ɗaya, yawa ɗaya. Idan kwano goma na shinkafa kuke ci a wata, farashin kwano goma za ka duba jiya da yau. Idan ka bar 'yar gida ka koma 'yar waje, wannan ba tsada ba ce, zaɓinka ne, daga 18,000 ɗinka zai fita.

Mai gabatarwa: Mu zo kan yadda kuɗin zai riƙa fita da kansa.

Hajiya: Hanya mafi ƙarfi ita ce a yanke tun daga tushe, kafin albashi ya iso banki. Wanda ma'aikatarsa take da ƙungiyar gama-kai, ya je wurin sakatare ya cika fom na ƙara zubi daga 20,000 zuwa 38,000. Abin lura shi ne lokaci. Ofishin albashi yana rufe lissafin wata tun kafin ƙarshensa, wasu tun tsakiyar wata. Idan fom ya shiga bayan an rufe, sai wata mai zuwa, ko na gaba. Don haka ranar da aka miƙa maka takardar ƙarin girma, a makon nan za ka cika fom ɗin, ba sai kuɗi sun shigo ba. Kuma kafin ka ƙara zubi, ka tambayi yadda ake fitar da ajiya da tsawon jiran da ake yi, ka duba ko ƙungiyar tana gabatar da lissafinta a taron shekara. Wadda ba ta yin haka, kada ka ƙara mata ko sisi.

Hanya ta biyu ita ce umarnin dindindin ga banki. A manhajar waya za ka gan shi da sunan Standing Order, wasu bankunan sun rubuta Recurring Transfer ko Scheduled Transfer. Ka sa lambar asusun da kuɗin zai je, ka sa adadi, ka zaɓi Monthly, ka sa ranar farawa. To ga inda mutane suke ruɗewa. Fansho kaso ne, da albashi ya ƙaru shi ma yana ƙaruwa ba tare da ka ce komai ba. Umarnin banki kuwa adadi ne tsayayye. Ka sa 20,000 yau, bayan shekara biyar 20,000 ɗin zai ci gaba da ɗauka ko albashinka ya ninka. Dole kai ne za ka shiga ka gyara, kuma a manhajoji da yawa sai ka soke tsohon ka kafa sabo. Ka tabbata tsohon ya mutu, in ba haka ba su biyun za su ja, ka wayi gari an kwashe 58,000.

Mai gabatarwa: Wace rana ta fi dacewa a sa?

Hajiya: Ka duba alat ɗinka na wata shida da suka wuce, ka ga rana mafi jinkiri da albashi ya taɓa shigowa, ka ƙara kwana ɗaya ko biyu. Idan yakan shigo tsakanin 25 da 30, ka sa 1 ko 2 ga wata. Dalili kuwa, idan ranar ta zo babu kuɗi a asusu, umarnin ba ya tafiya, kuma ba kowane banki ne yake sake gwadawa ba. Watan ya wuce shiru, kai kana zaton an ajiye. Yadda za ka gane shi ne rashin alat na fitar kuɗi a ranar. Wanda albashinsa ba shi da tsayayyiyar rana, kamar ma'aikatan wasu jihohi da ƙananan hukumomi, yankewa daga tushe ta fi masa, don duk ranar da aka biya, an riga an cire.

Asusun da kuɗin zai sauka kuma, ya kasance a wani bankin daban, babu kati, kuma in so samu ne kada manhajarsa ta zauna a wayarka. Wanda yake gudun kuɗin ruwa, akwai bankuna irin su Jaiz da TAJ da Lotus. A banki mai lasisi, hukumar inshorar ajiyar banki ta NDIC tana ba da kariya har naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankunan kasuwanci, tun bayan ƙarin da ta yi a 2024. Sai dai kada kuɗin ya daɗe yana kwance a naira tsada tana cin sa. Idan ya kai na hidimar gida ta wata uku, abin da ya hau kai a juya shi zuwa sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, ko wata kadara da mutum ya fahimta. In kuma ya kai nisabi ya shekara, akwai zakka a kansa, a sa ta cikin lissafi.

Mai gabatarwa: Adashi fa?

Hajiya: Adashi yana tilasta zubi, wannan kam yana yi. Matsalar ranar kwasa ce. Kuɗin yana dawowa dunƙule a hannu, kowa kuma ya san ka kwasa. Idan ba ka riga ka yanke inda zai je ba, kujeru da sabuwar waya zai zama. Haka ariyas. Ƙarin girma yakan zo da bashin watannin baya, a ce wata biyar, 300,000 a lokaci ɗaya. Umarnin banki bai san da shi ba, 38,000 ɗinsa kawai zai ɗauka. Wannan da hannu za ka tura, a ranar da ya shigo: aƙalla 18,000 sau biyar, wato 90,000, in ka biya basussukan da ka ci a watannin jira ka ƙara da abin da ya samu.

Mai gabatarwa: Akwai abin da yake rusa tsarin bayan an kafa shi?

Hajiya: Bashin albashi. Da banki ya ga abin da ke shigowa ya ƙaru, saƙonni za su fara zuwa cewa ka cancanci rance mafi girma. Wanda ya karɓi rancen da ake cire masa 35,000 duk wata alhali 18,000 ce rararsa, bankin zai fara cire nasa da zarar albashi ya sauka, ragowar 17,000 kuma daga cefane ko daga ajiya za ta fito. Duk sabon nauyi mai maimaituwa, haya ce ko makaranta ko biyan mota, a raba shi wata-wata a ga ko ya shiga cikin 18,000. Gidan da hayarsa ta fi ta yanzu da 300,000 a shekara, 25,000 ke nan a wata, ya wuce.

Alamar cewa ka ɗora wa kanka fiye da ƙima ita ce ka cire daga ajiya wata biyu a jere don hidimar yau da kullum. In haka ta faru, kada ka soke umarnin. Rage shi da 5,000, ya dawo 33,000, ka ga yadda wata biyu za su kasance.

Mai gabatarwa: Ga ma'aikacin gwamnati mai samun ƙarin mataki duk shekara, wanda bai taka kara ya karya ba?

Hajiya: Shi ma lissafin ɗaya ne. Idan ƙarin 4,000 ne kuma tsada ta cinye shi, ba a raba komai, amma a gyara adadin ya riƙe kason da yake kai, kada kashi 15 ya zame ya koma 14. Ya sa tunatarwa a waya a watan da ƙarin matakinsa yake fitowa, ranar ya buɗe takardar albashi ya raba ajiyarsa da sabon albashin ya ga kason da ya samu.

Mai gabatarwa: Mun gode, Hajiya. Jama'a, mako mai zuwa za mu duba yadda ake sayen sukuk da mafi ƙarancin abin da ake shiga da shi. A huta lafiya.