Hoton jarrabawar DTZ ba a yi masa hadda

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga Hamburg. Yau raina a ɓace yake. Wani ƙanena ɗan Zinder da muke aji ɗaya ya nuno mini takarda shafi huɗu da ya saya Yuro 40 a hannun wani, wai jimlolin da zai haddace ya zuba a jarrabawar baki ta Jamusanci. Yuro 40! Ga kuɗin makaranta, Yuro 2.29 kowace awa, har awa 600 ta koyon harshe. Na ce masa malam, an cuce ka.

Jarrabawar da muke shiri sunanta DTZ, wadda ake yi a ƙarshen kwas ɗin da BAMF, hukumar kula da baƙi ta Jamus, ke ɗora baƙi a kai. Ku kula, ba ita ce ta cibiyar koyar da Jamusanci ta Goethe ba. Ta Goethe kuɗinta ya haura Yuro 200 a nan, babu siffanta hoto a cikinta, jawabi ake yi, kuma ana ba ka minti 15 ka shirya. A DTZ ko minti ɗaya babu. Ku biyu za ku shiga gaban masu jarrabawa biyu, kusan minti 16 an gama. Maki 100 ne, sai ka kai 75 a ba ka B1, matakin iya harshe da ake nema, kuma in ka gaza a magana, ko ka cinye karatu da rubutu B1 ta wuce ka.

A kashi na biyu na jarrabawar bakin ake miƙo hoton da za ka siffanta. A gwajin da malamarmu ta yi mana, nawa wata mata ce a babban kanti, tana tura keken kaya, yaro na jan rigarta. Abin da masu hadda ke yi shi ne lissafi: ga mace, ga yaro, rigarta ja, ga madara, sai shiru. Wannan maganar A2 ce, matakin da ke ƙasa da B1. Ni jimla uku na yi a kan abin da ido ke gani, wa da wa, a ina, me suke yi. Daga nan na shiga hasashe: wataƙila Asabar ce, tana sauri, domin Lahadi kantuna a rufe suke a ƙasar nan. Ga jimlar na rubuta muku a allo:

Vielleicht ist es Samstag, weil die Geschäfte am Sonntag geschlossen sind.

Ku dubi inda sind ta tsaya, can ƙarshe. Da zarar ka ce weil ko dass, aikatau ya koma wutsiyar jimla. Mu kuwa bakinmu ya saba da kawo shi da wuri, shi ya sa nan ne muka fi zamewa. In za ka faɗi ra'ayi da Meiner Meinung nach, wato a ganina, to aikatau ne ke binsa nan take, sannan mai aikin. Waɗannan biyun ka yi ta maimaita su da babbar murya har harshe ya saba, sun fi shafi huɗun can amfani.

Amma inda na fi jin daɗi shi ne tambayoyin da ke biyo baya. Hoton ƙofa ce kawai, rayuwarka suke son ji. Malama ta ce, a ƙasarku yaya ake cefane? Wayyo Allah, Kano! Na ba ta labarin kasuwar Sabon Gari, yadda mai kaya zai sa suna, ka taya, ya ce albarka, ka juya kamar za ka tafi ya kira ka. Na ce a ganina kasuwarmu ta fi, domin ana gaisawa, ana tambayar iyali, nan kuwa mai karɓar kuɗi tana wurgo kaya da sauri, na bayanka na jira. Na ƙara da cewa tsayayyen farashi ma yana da ranarsa, ba ya cin lokaci. Ra'ayi, dalili, misali daga abin da ya taɓa faruwa da kai, an gama. Ba yabon kai ba, ajin tsit ya yi. Wallahi da na fito sai da na kira Hajiyarmu, kewar gida ta taso mini, har ƙamshin yajin kasuwar nake ji.

Gargaɗina, kada ka yi shiru don ka manta kalma. In sunan keken kayan ya ɓace maka, ka ce abin da ake zuba kaya a tura, ka wuce. In ba ka ji tambaya ba, ka roƙa a maimaita, ya fi ka amsa abin da ba a tambaye ka ba. Mai hadda kuwa tambaya ta farko ke tona shi, domin takardarsa ba ta san za a ce masa yaushe rabonka da zuwa kasuwa ba, kuma amsar tana bukatar Perfekt, wato maganar abin da ya wuce.

Ni da ƙanen nan nawa mun yanke shawara, kullum bayan la'asar za mu ɗauki hoto ɗaya a cikin takardun tallan da ake cusa mana a akwatin wasiƙa, mu sa agogon waya minti 3, ɗaya na magana ɗaya na jefa tambaya. Gobe hoton ɗakin jiran likita za mu yi.