Me ya sa murya take fita amma hoto ba ya fita?

An gama haɗa bidiyon biki, an tura wa 'yan uwa ta Xender. A wayar amarya ya buɗe tsaf. A wayar Hajiya kuwa, wadda ta kai shekara takwas a hannu, kiɗa na tashi amma fuskar wayar baƙi ƙirin. Sai a ce ai fayil ɗin ne ya lalace. Lafiyarsa ƙalau, ku biyo ni ku ga inda gizo ke saƙa.

Wannan .mp4 da kuke gani a ƙarshen sunan fayil ambulan ne kawai. Hoto da murya su ne wasiƙar da ke ciki, kuma kowanne da irin rubutun da aka yi shi da shi. Wanda boko kaɗai ya iya, zai buɗe ambulan ɗin ba wahala, amma in ya tarar da ajami a ciki sai dai kallo. Wannan salon rubutun, wato hanyar da aka matse hoton don ya rage nauyi, shi ake kira kodek. Shi ya sa sauya sunan fayil daga .mkv zuwa .mp4 ba ya gyara komai.

Kodek biyu ne suka fi shafar mu. H.264 ya fito a 2003, kuma kusan duk wayar Android tana da ɓangare na musamman a cikin injinta da ke karanta shi ba tare da wahala ba. H.265, wanda ake kira HEVC, ya zo a 2013. Yana iya ba da hoto mai kyau iri ɗaya da kusan rabin nauyi, sai dai warware shi aiki ne ja. Tsofaffin wayoyi da yawa, musamman masu araha, ba su da ɓangaren da ke karanta shi. Wata sai ta ƙi nuna hoton gaba ɗaya, wata kuma ta yi ta fama da shi da ƙarfin tsiya: hoto na tsayawa, murya ta wuce gaba, bayan wayar ya yi zafi, caji na zuba.

Daga ina HEVC ɗin ya shigo bidiyonka? Sau da yawa daga iPhone. Tun 2017, da zuwan iOS 11, iPhone 7 zuwa sama da HEVC suke ɗaukar bidiyo in ba a sauya ba. Daga iPhone 12 kuma aka ƙara HDR mai launi na 10-bit, wanda ya fi ba tsohuwar waya wuya. Ko ya buɗe, sai ka ga launin ya koɗe. Mai ɗauka zai iya kauce wa wannan tun daga tushe: Settings, Camera, Formats, ya zaɓi Most Compatible.

Wani zai ce ai da na tura ta WhatsApp ya buɗe. Gaskiya ne, domin in ka tura shi a matsayin bidiyo, WhatsApp yana sake matse shi zuwa H.264. In ka tura a matsayin Document, ko ta Xender, ko a memori, yadda ya fito haka zai isa.

Kafin ka zargi kowa, buɗe fayil ɗin da MediaInfo, manhajar da ke nuna kodek ɗin da ke cikinsa. In ka ga AVC, H.264 ke nan. In ka ga HEVC, ka kama ɓarawonka. In hoto na fita babu murya, duba layin sauti, wataƙila AC-3 ne ko DTS maimakon AAC. In kuma ya ƙi buɗewa a kowace waya, har sabuwa, to galibi turawar ce ta yanke a hanya.

Yanzu mu fitar da bidiyon bikin nan na minti goma. A CapCut ko Premiere, a wajen Export, tsarin ya zama MP4, kodek H.264, sauti AAC. Girman hoto 720p, a kan 30 fps, wato hoto talatin a kowace daƙiƙa. Na san hannu na ƙaiƙayin danna 4K, amma wayar da fuskarta ba ta wuce 720 ba me za ta yi da shi? Ko da H.264 ne, 4K ko 60 fps na iya fin ƙarfinta. Sa bitrate, wato nauyin kowace daƙiƙa ta bidiyon, a 2.5 Mbps, minti goman zai ba ka kimanin 200 MB har da sauti.

In an riga an fitar da shi, ba sai ka sake aikin ba. Ga umarnin da za ka ba ffmpeg, manhajar sauya bidiyo a kwamfuta:

```
ffmpeg -i biki.mp4 -vf scale=-2:720 -r 30 -c:v libx264 -profile:v main -pix_fmt yuv420p -c:a aac sabo.mp4
```

Kada ka tsallake yuv420p ɗin nan. Shi ne ke mayar da launin zuwa 8-bit, domin H.264 mai 10-bit ma yawancin wayoyi ba sa iya karanta shi. Da ya gama, gwada shi a wayar da ta fi tsufa a gidan, da manhajar kallon da ta zo da ita, ba VLC ba, don VLC kan buɗe abin da wayar kanta ba za ta iya ba.