Me Ke Riƙe Farashin ETF Kusa da Darajar Kayan da ke Cikinsa?

Akwai wani asusu a kasuwar hannun jari ta New York da ake kira SPY. Shi ETF ne, wato asusun da ake cinikin hannayen jarinsa a kasuwa kamar na kamfani. An buɗe shi a watan Janairun 1993, kuma aikinsa ɗaya ne: ya riƙe hannayen jarin manyan kamfanonin Amurka kusan 500 da ke cikin ma'aunin S&P 500. Masu saye da sayarwa na cinikinsa tun daga buɗe kasuwa har zuwa tashi, kowa da farashin da ya taya. Duk da haka, in kun duba a ƙarshen yini, za ku tarar farashinsa bai yi nisa da darajar kayan da ke cikinsa ba, sau da yawa tazarar 'yan santi ce kawai. To wa ke riƙe da linzamin?

Ku lura, farashi biyu ne a nan. Na farko shi ne wanda ake ciniki a kai a kasuwa. Na biyu shi ne wanda za ku gani an rubuta NAV: a haɗa darajar duk kadarorin asusun, a cire bashi da kuɗin gudanarwa, a raba da yawan hannayen jarin asusun. Ana lissafa shi sau ɗaya a rana, bayan an tashi kasuwa da ƙarfe 4 na yamma agogon New York. Babu dokar da ta tilasta wa farashin kasuwa ya bi NAV, kuma manajan asusun ba ya shiga kasuwa yana saye don ya daidaita su.

Abin da ke akwai shi ne wata ƙofa ta musamman. Wasu manyan bankuna da dillalai sun sa hannu a yarjejeniya da asusun, su ne dillalai masu izini. Kowace rana asusun na bayyana jerin hannayen jarin da yake karɓa da adadin kowanne, wato kwandon. Dillali mai izini zai iya kawo kwandon nan a ba shi sababbin hannayen jarin ETF, ko ya kawo hannayen jarin ETF a soke su a ba shi kwandon. Musaya ce ta kaya da kaya, kuma a dunƙule ake yin ta. A SPY, dunƙule ɗaya hannun jari 50,000 ne.

'Yan kasuwar hatsi sun san wannan lissafi. In buhun masara ya fi tsada a kan kuɗin tiyoyin da ke cika shi, wani zai bi layi yana sayen tiya-tiya, ya ɗinke buhu ya sayar. Yana yi, tiya na ƙara kuɗi, buhu na sauka, har ribar ta ƙare.

Bari mu ƙaddara lambobi don mu gani. A ce darajar kayan da ke bayan kowane hannun jari dala 500 ce, amma masu saye sun yi yawa da safe, farashin kasuwa ya kai dala 500 da santi 50. Dillali ya hango tazarar a kwamfutarsa. Nan take zai sayar da hannayen jarin ETF 50,000 a wannan farashi mai tsada, ko da bai riƙe su a hannu ba tukuna, kuma a daidai lokacin ya sayi kwandon a kan dala miliyan 25. Sai ya aika wa asusun da oda, ya miƙa kwandon, ya karɓi sababbin hannayen jari 50,000, ya cika wa waɗanda ya sayar wa. Santi 50 sau 50,000, dala 25,000 ke nan, kafin a cire kuɗin hidimar asusun da kuɗin ciniki.

Shi ribarsa ya nema, amma ku dubi sawun da ya bari. Ya zuba hannayen jarin ETF a kasuwa, farashin ya sauko. Ya sayi kwandon, darajarsa ta ɗan ɗaga. In kuma ETF ɗin ne ya yi araha, sai a juya: ya sayi ETF, ya mayar wa asusun, ya karɓi kwandon ya sayar.

Wannan ya nuna mana iyakar abin. Dillali ba ya motsi sai tazarar ta fi kuɗin da zai kashe. Saboda haka farashin yana yawo ne a cikin wani ɗan fili, kuma faɗin filin ya dogara da sauƙin cinikin kayan da ke cikin kwandon. Hannayen jarin Apple da Microsoft ana sayensu cikin ƙiftawar ido, shi ya sa filin SPY ƙarami ne ƙwarai. Asusun da ke riƙe da takardun bashin kamfanoni, waɗanda wasunsu kan yi kwanaki ba a yi cinikinsu ba, filinsa ya fi faɗi.

In kuna son ganin ƙarfin wannan ƙofa, ku dubi inda babu ita. Asusun GBTC na kamfanin Grayscale yana riƙe da bitcoin, amma shekaru da dama ba shi da hanyar mayar da hannun jari a karɓi abin da ke ciki. A ƙarshen 2022 an riƙa sayar da shi a kusan rabin darajar bitcoin ɗin da yake riƙe da shi. Kowa na ganin garaɓasar, babu mai iya ɗaukarta. Da aka mayar da shi ETF a Janairun 2024, aka buɗe ƙofar, tazarar ta kusan ɓacewa.

Ko da ƙofar a buɗe, akan samu matsala, domin dillalai masu izini dama aka ba su, ba wajibi aka ɗora musu ba. Safiyar 24 ga Agustan 2015, kasuwa ta rikice, hannayen jari da yawa ba su fara ciniki a kan lokaci ba, wasu kuma aka dakatar da su. Dillalin da bai san kuɗin kwandon ba, ta yaya zai taya? Suka ja baya. Wasu ETF suka faɗi da sama da kashi 20 cikin 100 na ɗan lokaci, alhali ma'aunin S&P 500 bai faɗi ko kusa da haka ba.

Na Maris 2020 ya fi ɗaure kai. Asusun LQD, mai riƙe da takardun bashin manyan kamfanoni, ya rufe da kusan kashi 5 cikin 100 ƙasa da NAV. Mutane da yawa suka ce tsarin ya karye. Ni a ganina ba haka ba ne gaba ɗaya. An gina NAV ɗin a kan ƙiyasin farashin takardun da kusan babu mai cinikinsu a ranar, shi kuwa ETF ɗin cinikinsa ake yi kowane daƙiƙa da kuɗi na gaske. Wani lokacin NAV ne ya makara.

Yaya za ku gane asusun da linzaminsa ya yi sako-sako? A shafin asusun ku nemi wurin da aka rubuta premium/discount, za ku ga tarihin tazarar rana-rana. Ku duba ratar da ke tsakanin farashin mai saye da na mai sayarwa. Ku tambayi kanku ko kasuwar kayan da ke ciki a buɗe take a wannan sa'a, domin asusun hannayen jarin Japan da ake ciniki a New York yana tafiya ne lokacin da Tokyo ke barci. In za ku saya, ku bar mintunan farko na buɗe kasuwa su wuce, sannan ku yi amfani da limit order, wato ku faɗi iyakar kuɗin da za ku biya. Waɗanda suka fi jin jiki a safiyar Agustan 2015 su ne masu odar da ke cewa a sayar ko nawa aka taya.