Bakinku Birkinku

"Assalamu alaikum. Ni sakataren reshen ƙungiyar direbobi ne a wata tashar mota. Za mu buga sitika da allo don gangamin rage gudu kafin tafiye-tafiyen ƙarshen shekara. Mun tsayar da 'Sannu ba ta hana zuwa', wasu kuma suna son 'Mu kiyaye dokokin hanya domin tsira da rayuka da dukiyoyin al'umma'. Wanne ya fi? Ko akwai wanda ya fi su?"

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka.

Bari in fara da na biyun, don shi ba zai ci mana lokaci ba. Motar da take tafiyar kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Direban da ya hango allonku a bakin titi yana da daƙiƙa biyu ko uku kafin ya bar shi a baya, kuma idonsa yana kan rami da ɗan acaɓa da akuya. Kalma goma sha ɗaya ba za ta shiga kansa ba. Ko da ya tsaya ya karanta, wace doka ake nufi? Dokokin hanya suna da yawa, jimlar ba ta ɗora masa ko ɗaya a wuya ba. Irin wannan magana ta jawabin shugaba ce a ranar buɗe taro, ana gamawa a tafa, a raba lemo.

Na farkon kuwa yana da daɗin baki, kuma kowa ya san shi. Nan ne ma matsalar take. Ka tsaya a tsakiyar tasha ka ce "sannu ba ta hana zuwa", kafin ka rufe baki wani yaron mota zai ƙarasa maka: "sai dai a daɗe ba a je ba!" A yi dariya, a watse. Kun biya kuɗin ɗab'i kun buga rabin karin magana, rabin da kuka bari kuma shi ne hujjar mai gudu. Duk wanda zai ari karin magana ya ɗora a kan sitika, to ya fara faɗarsa har ƙarshe, ya ji ko wutsiyar ba za ta juyo ta sare shi ba.

Amma ni abin da ya fi damuna da duka biyun shi ne wanda suke yi wa magana. Direba suke yi wa. Shi kuwa direban haya ba jahilci ke sa shi taka wuta ba. Ya fi ni da kai sanin abin da gudu yake yi, don ya sha wuce gawarwakin motoci a gefen hanya, wasu ma na abokansa ne. Lissafi ne yake tura shi: akwai balas ɗin mai mota, akwai kuɗin mai, akwai son ya sauke ya samu layi ya yi sawu na biyu kafin duhu. Takarda mai launi ba za ta kayar da wannan lissafi ba. Abin da zai iya sa ƙafarsa ta sassauta a kan totur shi ne mutum goma sha takwas da ke zaune a bayansa.

Kuma an gwada wannan, ba hasashe nake yi ba. A Kenya, wasu malaman jami'ar Georgetown su biyu, James Habyarimana da William Jack, sun liƙa sitika a cikin ƙananan motocin haya da ake kira matatu. Sitikar ba ta ce wa direba komai ba. Fasinja ta kira, ta ce idan ana tuƙin ganganci da ku kada ku yi shiru. Sun liƙa wa wasu motoci, sun bar wasu, zaɓin kuma ta hanyar ƙuri'a, sannan suka je kamfanin inshora suka duba waɗanne motoci ne suka fi kawo takardar neman diyya bayan hatsari. A babban gwajin da aka fitar da sakamakonsa a 2015, wanda ya shafi motoci kusan 12,000, neman diyya ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku a motocin da aka ware wa sitika. Saƙonnin da suka kira fasinjoji su haɗa baki su yi magana tare sun fi tasiri. Gangamin da ya biyo baya sunansa kalma ɗaya ce ta Swahili, Zusha, wato ku ɗaga murya.

Akwai wani abu a cikin binciken da bai yi mini daɗi ba, amma gaskiya ɗaya ce: sun haɗa da faɗakarwa ta rediyo, kuma ba su iya gano wani tasirinta a kan yawan neman diyya ba. To, ga shi da bakina na faɗa, a rediyo. Dalilin a ganina ba ɓoyayye ba ne. Ni ina magana da kai kana kan tabarma kana shan shayi. Sitika kuwa tana gaban idonka a daidai lokacin da direba ya fito zai wuce tirela a kan kwana.

Na taɓa shiga bas daga Kano zuwa Zariya, muka bar Kwanar Dangora direba ya take mota har gilashi yana kaɗawa. Na duba hagu da dama, kowa ya yi tsit, leɓɓa kawai ke motsi ana salati a ɓoye. Dattijon da ke kusa da ni ya damƙe kujerar gabansa har jijiyar hannunsa ta fito. Ba wanda ya ce uffan, har da ni mai surutu a gidan rediyo. Kowa yana tsoron a ce masa matsoraci, ko a ce "in kwananka bai ƙare ba ai ba abin da zai same ka". Sai wata tsohuwa daga kujerar baya ta ce, "Ɗan nan, jikokina suna jirana." Kamar an buɗe famfo, mota ta ɗauka gaba ɗaya, direba ya yi ƙunƙuni ya sassauta. Ashe duk muna da magana a baki, wanda zai fara ne babu. Aikin taken ke nan, ya zama shi ne ya fara, don fasinja ya samu abin nunawa da yatsa ya ce ai ƙungiyarku ce ta rubuta.

Saboda haka ga shawarata, Malam Sakatare, kalma biyu: Bakinku birkinku.

Ka maimaita shi ka ji yadda yake zama a harshe. Gaɓa uku da uku, duka sun fara da harafi ɗaya sun ƙare da sauti ɗaya, kamar kirari. Na fara rubuta shi ne da "bakinka birkinka", sai na soke, don "ka" ta bar mata a waje, alhali tsohuwar nan ce ta cece mu, kuma ta bar mutum shi kaɗai da direba. "Ku" ta tattaro motar duka. Akwai kuma wata ƙaramar fa'ida da sai wanda ya taɓa kai aiki wurin masu ɗab'i zai gane: babu harafi mai lanƙwasa ko ɗaya a ciki. Sau da yawa injin ba shi da ɗ da ƙ da ɓ, sai ka rubuta "guji haɗari" a bugo maka "guji hadari", ka koma kana gargaɗin mutane a kan gajimare.

Take shi kaɗai bai isa ba, yana buƙatar layi ɗaya a ƙasansa da ƙananan baƙaƙe wanda zai faɗi aikin: "Ya wuce 90? Ku yi magana." Wannan lamba ba daga kaina ta fito ba. A ƙa'idar hanya ta Najeriya, wadda hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC take aiki da ita, iyakar tasi da bas kilomita 50 ne a cikin gari, 80 a babbar hanya, 90 a tagwayen hanyoyi na gudu. In motocin reshenku hanya mai falle ɗaya suke bi, 80 za ku rubuta.

In fasinja ya ce shi sauri yake yi, don akwai su, masu cewa "direba taka mana, kasuwa za ta tashi", ga lissafin da 'yan kamasho za su riƙe. Tafiyar kilomita 100 a kan gudun 90 tana cin minti 67, a kan 110 kuma minti 55. Minti goma sha biyu ke nan aka saya. Yanzu ga farashin. A ce motoci biyu iri ɗaya, ɗaya tana 90 ɗaya tana 110, suka taka birki a wuri ɗaya saboda tirela ta mutu a gaba. A daidai inda mai 90 ta tsaya cak, mai 110 tana nan tana tafiyar sama da kilomita 60 a awa. Da wannan gudun za ta shige ƙarƙashin tirelar.

Inda za a liƙa shi ya fi launinsa muhimmanci. Ba a bayan mota ba, inda za ta yi gogayya da "Mahakurci mawadaci" kuma na baya ne kawai zai gani. A ciki, tsakanin tagogi da rufi, da bayan kujerar direba, yadda kowane layi na kujeru zai hango guda ɗaya. Ku buga da boko da ajami, don fasinjan da bai yi boko ba sau tari yana karanta ajami sarai. Ku sa hoto mai sauƙi, kamar baki a buɗe kusa da ƙafa a kan birki.

Abu biyu za su iya kashe wannan aiki. Na ɗaya, motoci da yawa allurar da ke nuna gudu ta daɗe da mutuwa, tana kwance a kan sifiri ko ana tashi sama. Fasinja ba zai san an wuce 90 ba, direban ma bai sani ba. In kun duba kun ga haka motocinku suke, ku canza layin ƙasan ya zama abin da ido ke gani: "Yana waya? Yana wuce mota a kwana? Ku yi magana." Na biyu, direbobi za su ɓare sitikar in suka ɗauka an haɗa su faɗa da fasinja ne. Don haka a fara da su a taron reshe, sunan ƙungiya ya fito ɓaro-ɓaro a jiki, kuma duba sitika ya shiga cikin sharaɗin ba mota layin lodi.

Kafin ku biya mai ɗab'i ko sisi, ku yi gwajin da ba ya cin kuɗi. Ku faɗa wa mutum goma a tasha taken sau ɗaya, har da mai shayi da mai sayar da ƙosai da yaran mota. Washegari ku tambaye su abu biyu: me aka ce, kuma me ake so ka yi. In bakwai suka kawo duka biyun, ku buga. In yaran mota sun riga sun juya shi ya zama abin ba'a, gara ku ji yanzu. Ku gwada nawa da naku tare, wanda ya ci shi ne naku.

Sai lambar waya. Ku sa ta ofishin reshe a ƙasan sitika don ƙorafi, da 122 ta FRSC don gaggawa. Yawan kiran da kuka samu a makonnin farko shi zai fara nuna muku ko ana karantawa. Amma Malam Sakatare, ku fara tsayar da wanda zai riƙe wayar nan, da wanda zai saka mata caji, da abin da za a yi wa direban da aka kawo ƙararsa sau uku. In ba a tsayar da waɗannan ba, ku cire lambar reshen ku bar 122 kawai.