Takardun kwantena: abin da za ku duba kafin jirgi ya tashi

Ga takardu biyu a gabanmu, na wani ɗan kasuwar Kano da ya yi odar takalma daga Guanzu ta ƙasar China zuwa tashar Apapa da ke Legas. Ta farko takardar lodin jirgi ce, wadda 'yan kasuwa ke kira bi-el. Kamfanin jirgi ne ke ba da ita. Ta biyu fakin lis, wato jerin kayan da mai sayarwa ya rubuta da kansa.

Mu fara da lambar kwantena. Kullum haruffa 4 ne da lambobi 7, kamar CSQU3054383. Haruffa ukun farko na mai kwantenar ne, U kuma na nuna kwantenar kaya ce. Lambar ƙarshe ta tantancewa ce, daga sauran ake lissafo ta, shi ya sa kuskuren lamba ɗaya kan sa kwamfuta ta ƙi karɓa. Ku ce a turo muku hoton ƙofar kwantenar da na sil ɗin da aka rufe ta da shi, ku gwada su da takardun biyu, harafi bayan harafi.

Sai adadi, kuma a nan ake yawan shan wuya. Fakin lis ya ce katan 420 masu ƙafa 24, da katan 180 masu ƙafa 36. Katan 600 ke nan, takalma ƙafa 16,560. Bi-el ba za ta kawo wannan dalla-dalla ba, jimillar katan da nauyi kawai za ta nuna. To ku dubi inda aka rubuta SAID TO CONTAIN. Ma'anarsa kamfanin jirgi bai buɗe ya ƙirga ba, abin da mai lodi ya faɗa masa ya rubuta. Idan bi-el ta ce 580, fakin lis ya ce 600, ranar da kwastan suka buɗe za su ga katan 20 da ba a bayyana ba. Kaya su tsaya, kuɗin jinkiri na hawa kullum. Wajen nauyi kuma, GROSS WEIGHT za ku gwada, wanda ya haɗa da kwali, ba NET WEIGHT ba.

Yanzu akwatin Consignee a jikin bi-el, wato mai haƙƙin karɓar kaya. Sunan kamfaninku ya zo daidai yadda yake a Form M, takardar shigo da kaya da kuka buɗe ta banki, ba sunan da aka san shagonku da shi a kasuwa ba. In kun ga TO ORDER, kaya na hannun wanda aka sa wa hannu aka miƙa wa asalin takardar, galibi ta banki. Notify Party kuwa sanar da shi kawai ake yi jirgi ya iso, wannan bai ba shi ikon ɗaukar kaya ba.

Don Allah ku nemi daftarin bi-el tun jirgi bai tashi ba, ku zauna da ejan ɗinku ku bi shi layi-layi. A lokacin gyara saƙo ɗaya ne. Da zarar bayanan sun shiga hannun kwastan, sai an rubuta takardar neman gyara, an biya, an jira.